Yadda Ake Gyara Ƙofar Katako da Take Cijewa Bayan Ruwan Sama

Idan ƙofar katako ta fara cijewa bayan an yi kwanaki ana ruwa, har sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, abin da yake fara zuwa wa yawancin mutane a rai shi ne a kawo filen, wato abin da kafinta yake feƙe katako da shi, a karce ta. Sau da yawa nan ne ake ɓata ƙofa. Katakon da aka karce ba ya dawowa, alhali kumburin da danshi ya kawo zai sauka da kansa idan iska ta bushe. Wanda ya karce ƙofarsa da yawa a tsakiyar damina zai tarar da gibi a gefenta idan rani ya yi, ƙura da iska suna shiga, wani lokaci ma harshen makulli ya daina kaiwa raminsa. Saboda haka tsarin da nake bi shi ne: a gano daidai wurin da take gogawa, a duba hinji, a ba ta damar bushewa, sannan in ya zama dole a rage kaɗan, a kuma rufe wurin da fenti nan take.

Me ya sa take kumbura?

Katako yana shan danshi daga iska yana kuma sakinsa, ko bayan shekaru da yanke shi. Cikinsa kamar damin kara ne, ƙananan bututu a jere a tsaye. Idan ya sha danshi sai ya ƙara faɗi da kauri, amma tsawonsa kusan ba ya canzawa. Ƙiyasin da masu aikin katako suke amfani da shi shi ne, idan danshin da ke cikin katako ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari, faɗinsa zai iya ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin ɗari, ko da yake ya danganta da irin itacen da yadda aka tsaga shi.

Wannan ɗan lissafi yana bayyana abubuwa da yawa. Ƙofar da aka yi da falankai a jere a tsaye, mai faɗin santimita 80, tana iya ƙara milimita 6 zuwa 8, domin duk faɗinta ne yake kumbura. Ƙofa mai allo a tsakiya da katakai biyu a tsaye a gefe da gefe ba ta kai haka ba, domin allunan suna motsi a cikin ramukansu, katakan gefen ne kawai suke ƙara mata faɗi. Idan kowanne santimita 10 ne, ƙarin bai wuce kamar milimita 2 ba. Amma tazarar da ake bari tsakanin ƙofa da firam milimita 2 zuwa 3 ce kawai, kuma shi ma firam ɗin, in na katako ne, yana nasa kumburin. Ka ga ƙaramin motsi ya isa ya cinye tazarar.

Akwai wuri biyu da danshi ya fi shiga: saman ƙofa da ƙasanta. A nan ne bakin waɗancan bututun yake a buɗe, kuma nan ne mai fenti ya fi mantawa, tunda ido ba ya gani. Ka sa madubi a ƙarƙashin ƙofarka, ka hau kujera ka leƙa samanta. In ka ga katako tsirara, ka gano hanyar da ruwa yake shiga.

Matakin farko: gano inda take gogawa

Ka tsaya ta gefen da kake ganin hinji, ka tura ƙofar a hankali har ta tsaya da kanta, ba tare da ka tilasta ta ba. Dubi tazarar da ke kewaye da ita, sama da gefe biyu da ƙasa. Sannan ka ɗauki siririn kwali ko takarda mai ɗan kauri ka zura a tazarar, ka ja ta zagaye. Duk inda ta maƙale ka sa alama da fensir a farkon wurin da ƙarshensa.

Don ƙarin tabbaci, ka goga alli a cikin firam ɗin, a fuskar da gefen ƙofar yake taɓawa, ka rufe ka buɗe sau biyu ko uku. Allin zai hau gefen ƙofar a daidai wuraren da suke haɗuwa. Sau da yawa ma fentin kansa ya riga ya gaya maka, domin za ka ga inda ya yi sheƙi ko ya goge.

Wurin da alamar ta fito shi ne yake faɗa maka ciwon. Idan gogawar tana kusurwar sama ta gefen makulli, kuma tazarar gefen hinji ta fi faɗi a sama fiye da ƙasa, ƙofar ta sunkuya ne, hinjin sama ya saki. Haka ma idan kusurwar ƙasa ta gefen makulli tana jan ƙasa. Idan kuwa gogawar ta bi dogon wuri a gefen makulli, tazarar gefen hinji kuma daidai take daga sama har ƙasa, wannan kumburi ne na gaske. Idan ƙasa-ƙasa ne kawai ya cije, kamar santimita 30 ko 40 daga ƙasa, to feshin ruwa ne ko ruwan da yake kwanciya a bakin ƙofa. Idan kuma ƙofar tana rufuwa amma tana turo kanta baya, ka duba gefen hinji: ko fenti ya taru, ko kan wani sukuru ya fito yana hana hinjin haɗewa.

Mataki na biyu: hinji

Ko ka tabbata kumburi ne, kada ka tsallake wannan. Ƙofar da ake bugawa da ƙarfi kullum tana sassauta sukurorin hinji, don haka sau da yawa matsalolin biyu tare suke zuwa. Buɗe ƙofar rabi, ka kama ta gefen makulli ka ɗaga sama. In ka ji ta yi motsi, ko ka ga hinjin sama yana rabuwa da katako, akwai aiki a nan.

Ka sa ɗan guntun katako a ƙarƙashin ƙofar ya ɗauke nauyinta, sannan ka ɗaure kowane sukuru da sukudireba ta hannu. Na fi son ta hannu a kan injin, domin hannu yana jin lokacin da sukuru ya kama, injin kuwa yana iya cinye ramin kafin ka ankara. Sukurun da yake ta juyawa ba ya tsayawa, raminsa ya ci. Cire shi, ka fere siraran katako, ka shafa musu gam na katako, ka cusa su cikin ramin har ya cika, ka yanke abin da ya fito. Ka bar gam ɗin ya kwana, ka huda ƙaramin rami a tsakiya, ka mayar da sukurun. Idan firam ɗin yana da kauri ko akwai katako a bayansa, sukuru mafi tsawo a hinjin sama yana ja ƙofar ta miƙe sosai.

Bayan wannan ka goge tsohon allin ka sake gwaji. Ƙofofi da dama a nan aikinsu yake ƙarewa.

Mataki na uku: bushewa

Idan har yanzu tana cijewa, ka ba ta kwanaki na bushewa kafin ka taɓa ta da wani ƙarfe. Ka bar ta a buɗe iya yadda tsaro ya ba da dama, iska ta bi ta fuska biyu, ka kunna mata fanka in akwai. Kada ka kusantar da wuta ko garwashi, kada kuma ka cire ta ka shanya a rana mai zafi. Fuskar da ta bushe da sauri za ta tsuke ta bar ɗayar, sai ƙofar ta lanƙwashe ko ta tsage, kuma gyaran lanƙwasa ya fi na cijewa wuya nesa ba kusa ba. Katako mai kauri ba ya bushewa a yini ɗaya, yana iya ɗaukar makonni kafin cikinsa ya daidaita.

A wannan jiran, ka goga kyandir a wurin da allin ya nuna, a gefen ƙofar da cikin firam. Yana sa ta zame ba tare da an buga ta ba. Sai dai ka sani fenti ba ya kama kan kakin kyandir, dole ka kankare shi tas kafin ka yi fenti daga baya. Man inji ko man girki kada su kusanci wurin, domin suna nutsewa cikin katako su bar tabo, su kuma tara ƙura.

Wannan ne kuma lokacin da za ka tsayar da ruwan daga tushensa. Fita waje lokacin da ake ruwa ka kalli ƙofar. Shin ruwan rufi yana zuba kusa da ita yana fantsamo mata? Shin daɓen bakin ƙofar ya karkato ciki, ruwa yana kwanciya a ƙarƙashinta? In ba a gyara wannan ba, duk abin da ka karce bana za ka sake karce wani baɗi.

Mataki na huɗu: rage katakon

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ƙofar waje ce mai allo, faɗinta santimita 80, tsawonta mita 2, da hinji uku. An ɗaure hinji, an ba ta mako guda na bushewa, amma allin yana nuna gogawa a gefen makulli daga ƙasa zuwa kamar santimita 60 sama. Sama da nan kwalin yana wucewa. Ƙarƙashinta babu fenti ko kaɗan.

Tambayar farko ita ce nawa za a cire. A lokacin danshi ba a neman cikakkiyar tazara ta milimita 3. Abin da ake so shi ne ƙofar ta rufu ba tare da gogawa ba, siririn kwali ya wuce, wato kamar milimita 1 zuwa 2. Ragowar tazarar rani ne zai kawo ta. A misalinmu, inda ƙofar take shiga da ƙyar idan aka tura, abin cirewa bai wuce milimita ɗaya da rabi ba a wurin da ya fi tsanani.

Ka ja layi da fensir a fuskar ƙofar, milimita ɗaya da rabi daga baki a can ƙasa, yana tsukewa a hankali har ya ɓace a ɗan sama da inda gogawar ta ƙare. Ka ja irinsa a ɗaya fuskar. Layin nan shi ne iyakarka. Ba tare da shi ba hannu yana zarcewa, musamman idan filen ya fara cin katako da daɗi.

Idan abin cirewa bai kai milimita ɗaya ba, sanfefa ta isa kuma ba sai an sauke ƙofar ba. Ka naɗe sanfefa mai lamba 80 a jikin guntun katako mai shafaffen fuska, ka tokare ƙofar kada ta yi lilo, ka goga tare da tsawon katakon. Sanfefa a tafin hannu kawai tana dunƙule baki ta bar tsakiya a tashe, ƙofar kuma ta ci gaba da cijewa. Ka gama da mai lamba 120 don wurin ya yi santsi.

A misalinmu kuwa, tunda wurin ya kai har ƙasa kuma dole a yi wa ƙarƙashinta fenti, sauke ta ya fi. Ka samu wanda zai riƙe maka, domin ƙofar katako tana da nauyi. Sa tokari a ƙarƙashinta, ka fara kwance hinjin ƙasa, sai na tsakiya, na sama a ƙarshe, don kada nauyin ya fizge sukurori. Ka tsayar da ita a kan gefen hinji, gefen makulli yana sama, a riƙe ta ko a ɗaure ta kada ta motsa. Duba gefen da kyau ko akwai ƙusa a ɓoye ƙarƙashin fenti, domin ƙusa ɗaya ta isa ta dakushe bakin filen. In ka gan ta, buga ta ciki.

Ka daidaita filen ya riƙa ɗebo siririn abu kamar takarda. Tura shi tare da tsawon katakon, dogon ja, ba gajerun sara ba. In ka ga katakon yana tsagewa yana tashi maimakon ya fito a nannaɗe, ka juya ka tura daga ɗaya ɓangaren. Bayan kowane ja uku ko huɗu ka dubi layinka, kuma ka tsaya kafin ka cinye shi.

Akwai abin da ya kamata ka lura da shi a gefen makulli. Gefen ƙofa mai kyau ba a miƙe yake sak ba, yana da ɗan karkata na digiri 2 zuwa 3, ta yadda bakin da yake fara shiga firam ya fi ɗayan shigewa ciki kaɗan. Dalili shi ne ƙofa tana lilo ne a kan hinji, kuma wannan bakin yana buƙatar ɗan wuri kafin ya wuce kusurwar firam. Ka kiyaye wannan karkatar. Sau da yawa ma za ka ga allin a bakin gaba kawai ya hau, kuma rage wannan bakin shi kaɗai yana warware matsalar ba tare da an ƙara gibin da ido yake gani ba.

Idan saman ƙofa ko ƙasanta za ka karce, ƙa'idar ta bambanta. A kusurwoyi biyun, bakin katakan gefe ne kake yankewa a kwance, kuma in ka tura filen ya fita ta baki zai ɓalle kusurwar. Ka fara daga kowane baki ka nufo tsakiya.

Yanzu ka ɗaga ƙofar ka mayar da ita da sukuru ɗaya a hinjin sama da ɗaya a na ƙasa, ka gwada. In tana gogawa har yanzu, sabon alli, sabuwar alama, a sake saukewa. Wannan hawa da saukar yana da gajiya, amma shi ne yake hana a wuce gona da iri.

Idan abin cirewa ya wuce milimita 2 ko 3, ko kuma gogawar ta bi ta kan ƙarfen makulli, lamarin ya canza. Karce gefen makulli da yawa yana nufin sai an cire makullin an ƙara zurfin mazauninsa, hannun ƙofar kuma ya matso kusa da baki. A irin wannan kafintoci da yawa sun fi son su karce gefen hinji gaba ɗaya daga sama har ƙasa, sannan su ƙara zurfin mazaunin kowane hinji da cizal daidai da abin da aka cire. Aikin ya fi tsafta, amma yana son hannun da ya saba, domin in mazaunin ya yi zurfi fiye da kima ƙofar za ta riƙa turo kanta baya. In hakan ta faru, siririn kwali a bayan hinjin yana gyarawa.

Ƙofa mai shafaffiyar fuska da cikinta holoƙo ne tana da nata haɗarin. Siririn katako ne kawai ya zagaye bakinta, don haka milimita kaɗan ne za ka iya cirewa. In kuma fatarta ta riga ta ɗaɗɗago ko ta ɓare saboda ruwa, musamman in cikinta na matsattsen garin katako ne, wannan kumburin ba ya komawa ko ta bushe.

Game da tsohon fenti: a tsofaffin gidaje ana iya samun fenti mai dalma a ƙarƙashin sabo, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara da masu ciki. In kana zargin haka, kada ka goga shi a bushe. Ka jiƙa wurin kaɗan, ka rufe hanci da baki, ka yi aikin a waje, ka kwashe ɓarɓashin ka goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma.

Mataki na biyar: rufe katakon

Wannan shi ne matakin da yake hana matsalar dawowa, kuma shi aka fi tsallakewa saboda ƙofar ta riga ta fara rufuwa an samu sauƙi. Wurin da ka karce yanzu tsirara yake, zai sha danshi fiye da da. Tun ƙofar tana ƙasa, ka goge ƙura, ka tabbata katakon ya bushe a taɓi, ka shafa fentin shimfiɗa, in ya bushe ka bi da fenti ko banish shafi biyu. Ka yi wa gefen da ka karce, da sama, da ƙasa. Bakin katakan gefe, a kusurwoyi huɗu, zai shanye shafin farko nan da nan, ka ƙara masa har ya daina sha.

Ka yi shafin da sirara, domin fenti ma yana cin tazara, kuma ƙofar da aka yi wa fenti sau da yawa a shekaru tana iya cijewa saboda taruwar fenti kaɗai. Kada ka rufe ƙofar gam sai fentin ya bushe sosai kamar yadda aka rubuta a gwangwanin, a lokacin danshi ma ka ƙara masa lokaci. Ɗanyen fenti yana manne ƙofa da firam, in an buɗe ya ɓare. Fenti ba ya hana katako shan danshi baki ɗaya, yana rage saurin shan ne, kuma wannan ragin ya isa ya sa 'yan kwanakin ruwa su wuce kafin ƙofar ta kumbura.

Bayan ka rataye ta da dukkan sukurori, gwada makulli. In harshen ba ya faɗawa raminsa, shafa masa alli ka rufe, ka ga inda ya taɓa ƙarfen firam. Kuskuren milimita ɗaya ko biyu ana gyara shi da magagarin ƙarfe a bakin ramin, wanda ya wuce haka sai a matsar da ƙarfen.

Lokacin da filen ba shi ne magani ba

Ka danna bakin sukudireba a ƙasan ƙofar da ƙasan firam. In ya nutse cikin sauƙi, katakon ya ruɓe ko gara ta ci shi, kuma abin da yake buƙata shi ne a yanke wurin a sa sabo. Ka duba mahaɗar katakan ƙofar a kusurwoyi: in sun buɗe, ƙofar ta fita daga siffarta, sai an sa gam an matse ta kafin a yi maganar karcewa. Idan tana taɓa firam a sama amma ƙasanta ya fito waje, ta murɗe ne, karce gefe ba zai miƙar da ita ba.

Na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci. Idan ƙofofi da tagogi da yawa sun fara cijewa lokaci ɗaya, har da na ƙarfe, kuma ka ga tsaga a bango tana tashi a karkace daga kusurwar firam, to ginin ne yake motsi. Wata irin ƙasa mai laka tana kumbura idan ta sha ruwa ta tsuke idan ta bushe, ta riƙa ɗaga harsashin ginin tana saukewa. Auna firam ɗin da tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ɗayan ɓangaren. In awo biyun sun bambanta sosai, firam ɗin ya karkace. Ka sa alama da kwanan wata a ƙarshen tsagar ka riƙa dubawa, in tana ƙaruwa ka kira injiniyan gini ya duba kafin a taɓa ƙofar.